Manhajar karanta hoto: abin da take iyawa da inda iyawarta ta tsaya

Assalamu alaikum. Shugabar wannan ƙungiya ta gama kai, ma'aji da sakatariya, iyayena mata da 'yan'uwana mata, ina godiya da kuka ba ni wannan dama. An nemi in yi muku bayani a kan manhajojin nan na waya da ake nuna musu hoto su faɗi abin da ke ciki, ko su karanta rubutun da ke jikin takarda su mayar da shi rubutun waya, domin wasunku sun kawo shawarar a riƙa amfani da su wajen kwafe littafin kuɗin ƙungiya da rasit-rasit. Shawarar tana da ma'ana, kuma ina goyon bayan a gwada ta, amma ina so kafin a gwada kowace daga cikinku ta san yadda abin yake aiki, domin kuɗin da ke cikin littafin nan guminku ne, kuma kuskuren lamba guda yana iya haɗa mata biyu da suka shekara goma suna zaman lafiya.

Zan fara da abin da waya take gani idan an ɗauki hoto. A wurin waya, hoto tarin ɗige-ɗige ne ƙanana ƙwarai da aka jera layi-layi, kuma kowane ɗigo lambobi uku ne ke wakiltarsa: ɗaya na yawan ja, ɗaya na yawan kore, ɗaya na yawan shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Wayar da aka ce kyamararta tana da megafiksel 12, ɗige-ɗige miliyan 12 ke nan a hoto guda. Saboda haka idan kika ɗauki hoton shafin littafi, abin da ya isa wurin manhaja miliyoyin lambobi ne da ke nuna inda ya yi duhu da inda ya yi haske. Babu wanda ya gaya mata cewa wannan littafin ƙungiya ne, ko cewa mace ta uku a jerin ba ta taɓa biyan fiye da abin da aka yanka ba. Wannan sanin yana wurinku.

To, yaya take gane cewa wani lanƙwasasshen zane lambar 3 ce? Koya mata aka yi da misalai. Ana tara hotuna masu ɗimbin yawa waɗanda mutane suka zauna suka rubuta wa kowanne sunansa, a nuna wa kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ta yi hasashe, a gwada hasashenta da sunan gaskiya, idan ta kuskure a ɗan gyara lissafin da ke cikinta, a sake, har sai kuskuren ya ragu. Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1989 wani masani mai suna Yann LeCun da abokan aikinsa a Amurka suka koya wa kwamfuta karanta lambobin da mutane suke rubutawa da hannu a jikin ambulan ɗin wasiƙu, daga baya kuma aka yi amfani da irin wannan fasaha wajen karanta cek na banki. Abin da ya canja a shekarun nan shi ne yawan hotunan da ƙarfin kwamfutocin, har abin ya sauko cikin wayar da ke hannunku. Amma tushen yana nan yadda yake: manhaja tana gwada siffar da ta gani da siffofin da ta saba gani, ta zaɓi mafi kama. Ta yi kama da mai kyakkyawan hannu da aka ba aikin kwafe wasiƙa a harshen da ba ta ji: za ta kwafe da sauri, kuma mafi yawa daidai, amma idan ta rikita harafi ɗaya har maganar ta ɓaci, ba za ta lura ba, domin tun farko ba ta san abin da wasiƙar ke cewa ba.

Daga wannan tushe ne ƙarfinta da rauninta duka suka fito. Duk abin da ya yi kama da abin da aka koya mata, tana karanta shi da kyau ƙwarai. Rubutun inji a kan farar takarda, da rana, a hoto mai kyau, za ta kwafe shafi guda cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma ba kasafai take kuskure ba. Wadda idonta ya yi rauni ko wadda ba ta yi nisa a karatu ba tana iya nuna wa waya takarda, wayar ta karanta mata da murya, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga macen da a da sai ta nemi wani ya karanta mata abin da ya shafi sirrinta. Duk abin kuma da ya yi nisa da abin da aka koya mata, nan take fara tuntuɓe: rubutun hannu mai haɗe-haɗe, biro da ya fara ƙarewa, rasit ɗin inji da ya kwana biyu har rubutunsa ya dushe, takardar da ta jiƙe ko ta naɗe. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, sau da yawa ana mayar da su k da d da b, domin mafi yawan rubutun da aka koya wa manhajojin ba su da su, kuma wannan yana shafar sunayen mutane a cikin littafi.

Akwai wani bincike da nake so ku riƙe, domin ya nuna wannan al'amari fiye da duk bayanin da zan yi. A shekarar 2016 masu bincike uku, Sharada Mohanty da David Hughes da Marcel Salathé, suka koya wa kwamfuta gane cututtukan shuka daga hoton ganye. Sun yi amfani da hotuna 54,306 na nau'in shuka 14 da cututtuka 26. Da suka jarraba ta da hotunan da aka ɗauka a yanayi iri ɗaya da na koyarwa, wato ganye guda da aka tsinko aka ɗora a kan fili mara tarkace, ta ci sama da kashi 99 cikin 100. Da suka kawo mata hotuna daga wasu wurare, waɗanda aka ɗauka a wani yanayi daban, sai ta faɗo zuwa kusan kashi 31 cikin 100. Cututtukan ba su canja ba, kwamfutar ma ba ta canja ba. Hasken ne da bayan hoton da yadda aka riƙe kyamara suka canja. Su da kansu suka bayyana wannan sakamako, kuma hakan abin yabo ne. An ci gaba sosai tun daga lokacin, amma darasin bai tsufa ba. Idan mai tallar manhaja ya ce muku tasa tana daidai kashi 99 cikin 100, tambayar da za ku yi masa ita ce: a kan waɗanne hotuna aka auna, kuma sun yi kama da waɗanda za mu ɗauka da wayoyinmu, a ɗakinmu, da rubutun sakatariyarmu?

Abu na biyu da ke biye da wannan, wanda a ganina ya fi kome haɗari, shi ne cewa manhaja ba ta cika yin shiru ba. Mutum idan aka miƙa masa takardar da ta dushe, zai ce ba ya iya karanta wannan wurin. Manhajoji da yawa an gina su ne a kan zaɓe daga jerin sunayen da suka sani, saboda haka ko an nuna musu abin da ba ya cikin jerin, sai sun zaɓi ɗaya. Adadin nan da wasunsu suke nunawa a gefe, kamar kashi 90 cikin 100, yana nufin wannan suna ya fi sauran sunayen da ke cikin jerin dacewa da hoton. Ba shaida ba ce cewa amsar gaskiya tana cikin jerin ma. Sababbin manhajojin da suke bayyana hoto da cikakkun jimloli sun ƙara wa matsalar wani salo, domin idan wani wuri ya dushe suna iya cike shi da abin da ya fi kama da gaskiya, su rubuto shi tsaf kamar sauran. Amsar da take daidai da wadda aka ƙaga suna fitowa da haruffa iri ɗaya, a layi ɗaya, ba tare da wata alamar da za ta raba su ba.

Yanzu bari mu ɗauki shafi guda na littafinku mu bi shi daki-daki, domin a nan ne maganar za ta zauna. A ce shafin yana da sunayen mata 12 a hagu, kuɗin da kowace ta kawo a dama, kuma ma'aji ta ƙirga kuɗin a gaban kowa ta rubuta jimilla 23,500 a ƙasa. A wannan makon mace ta biyar ba ta kawo ba, sakatariya kuma ta bar gurbinta fari, ba ta rubuta kome ba. Aka ɗauki hoton shafin, manhaja ta kwafe, aka haɗa lambobin da ta fitar, sai suka ba da 28,600. Bambancin 5,100 ne, kuma wannan bambanci shi ne abokinku, domin shi ya sanar da ku cewa akwai matsala.

Matakin farko shi ne a duba jerin a nemi lambar da ba ta yi kama da abin da 'yan ƙungiya suka saba kawowa ba. Sai a ga 7,500 a gaban sunan wadda kullum 1,500 take kawowa. Sakatariya tana rubuta 1 da ɗan ƙugiya a samansa, manhajar kuma ta ɗauke shi 7. Wannan yana cikin kurakuran da suka fi yawa, tare da rikita 0 da 6, da 3 da 8, da 4 da 9. Idan aka gyara shi, an cire 6,000, jimillar ta koma 22,600, wato yanzu ta gaza ta ma'aji da 900. A nan akwai wata dabara ta masu lissafin kuɗi da ta girmi wayoyin nan: idan bambancin ya rabu da 9 ba saura, to a zargi ɗaya daga cikin abubuwa biyu, ko dai sifili ya faɗi daga wata lamba, ko an juya lambobi biyu da ke kusa da juna, kamar 54 a madadin 45. Idan aka raba 900 da 9 za a samu 100, sai a nemi inda aka rubuta 100 a jerin. Ga shi nan a layi na tara, inda 1,000 ya zama 100, domin sifilin ƙarshe ya faɗa cikin inuwar da tsakiyar littafin ta yi. Da aka gyara, jimilla ta koma 23,500, ta yi daidai da ta ma'aji.

A nan ne mafi yawan mutane za su rufe littafi su ce an gama, alhali kuskuren da ya fi muni yana nan bai motsa ba. Ku tuna gurbin mace ta biyar da aka bari fari. Manhajoji da yawa suna karanta jerin sunaye daban, jerin lambobi daban, sannan a jera su gefe da gefe, kuma gurbin da ba shi da tawada ba ya barin wata alama da za a kwafe. Sai aka samu sunaye 12 da lambobi 11. Kuɗin mace ta shida ya hau gaban sunan ta biyar, na ta bakwai ya hau gaban ta shida, haka har ƙasa, mace ta 12 kuma, wadda ta biya kuɗinta cif, ta fito babu kome a gaban sunanta. Jimilla ba za ta taɓa tona wannan ba, domin lambobin su ne dai, wurin zamansu ne ya goce. Idan aka ajiye wannan kwafi a matsayin shaida, bayan wata shida aka zo rabo, za a ce wadda ta biya tana da bashi, wadda ba ta biya ba kuma ta fita fes, kuma a lokacin babu mai tuna abin da ya faru a wancan mako. Wannan shi ne irin kuskuren da nake ji muku tsoro, domin ba ya kama da kuskure.

Maganinsa mai sauƙi ne, kuma rabinsa a hannun sakatariya yake tun kafin a ɗauko waya. Kada a bar gurbi fari. Wadda ba ta kawo ba a rubuta mata 0. Kowane layi a ba shi lambarsa daga 1 zuwa ƙarshe. Idan an yi kuskure a rubutu, kada a maimaita biro a kan lambar har ta zama biyu a haɗe, domin manhaja za ta zaɓi wadda ta fi fitowa ko ta haɗa su ta ƙirƙiro ta uku. A ja layi guda a kanta, a sake rubuta layin gaba ɗaya a ƙasa, a kuma lura da shi wajen dubawa, domin tana iya kwafe wanda aka soke ɗin ma. Wajen ɗaukar hoton kuwa, a goge idon kyamara, a shimfiɗa littafin sosai a danne tsakiyarsa, a nemi hasken rana a inuwa ba tare da kunna fitilar waya ba, a riƙe wayar daidai saman shafin ba a karkace ba, shafi ɗaya a hoto ɗaya, kusurwoyinsa huɗu duka a ciki. A kuma karanta daga hoton asali, domin hoton da aka tura ta manhajar hira yawanci ana matse shi ya ragu, ƙananan lambobi su yi dishi-dishi. Bayan an kwafe, sai dubawa iri uku: jimilla ta yi daidai da kuɗin da aka ƙirga, yawan lambobi ya yi daidai da yawan sunaye, sannan mace ɗaya ta riƙe littafi wata ta riƙe waya, a karanta suna da kuɗinsa da babbar murya layi-layi. Ga shafi mai suna 12 wannan ba zai ɗauki minti biyar ba, kuma har yanzu ya fi sauri nesa ba kusa ba a kan sake rubuta kome da hannu. Littafin takarda kuma shi ne asali, wanda za a koma masa idan an yi gardama.

Akwai kuma abin da manhaja ba za ta iya ba ko da hoton ya fi kowanne kyau, kuma ya kamata a raba shi da wanda muka gama bayani. Tana karanta abin da aka rubuta, amma ba ta san ko gaskiya ne ba. Idan wani mai saye ya turo wa ma'aji hoton rasit na banki yana cewa ya tura kuɗi, manhaja za ta karanta sunan ƙungiya da adadin da kwanan wata ba kuskure, ko da kuwa hoton an gyara shi ne a waya cikin minti biyu. Hoton jabu yakan ma fi na gaskiya sauƙin karantuwa, domin mai yin sa ya tsabtace shi. Ko kuɗi ya shiga ko bai shiga ba, amsar ba ta cikin hoton sam, tana cikin asusunku, saboda haka ma'aji ta duba asusun da kanta kafin a saki kaya. Haka yake ga waɗanda suke noma a cikinku: ganye yana iya yin rawaya saboda ƙarancin taki, ko ruwa da ya kwanta a gindin shuka, ko ƙwaro da ke cin saiwa a ƙarƙashin ƙasa, ko cuta, kuma duk a hoto suna iya kama da juna. Manhaja ganyen kawai aka nuna mata. Sunan da ta bayar ya isa ya zama abin da za a je wa malamin gona da shi, amma bai isa a sayi maganin feshi a kansa ba. Abin da ya shafi lafiyar jiki kuwa, kamar ƙurji a fatar yaro ko ƙwayar magani da ta fita daga kwalinta, ina roƙonku da babbar murya kada ku yanke hukunci da hoto. Ƙwayoyi da yawa farare ne masu kama da juna, aikinsu kuma ya sha bamban.

Abu na ƙarshe da ya shafi amanar ƙungiya shi ne inda hoton yake zuwa. Wasu manhajojin suna yin karatun a cikin wayar kanta, wasu kuma suna aika hoton ta intanet zuwa kwamfutocin kamfanin da ya yi su, a karanta a can a dawo da amsa. Hanya mai sauƙi ta samun haske ita ce a kashe data a gwada: idan ta ƙi aiki, to hoton fita yake yi. Idan ta yi aiki, karatun a cikin waya ake yi, ko da yake wannan bai hana ta aika wani abu daga baya idan an kunna data ba. Shafin littafinku yana ɗauke da sunayen mata da abin da kowace ta tara da bashin da ake bin ta, wani lokaci har da lambar wayarta, kuma akwai wadda ko a gidanta ba kowa ya san abin da ta ajiye ba. Saboda haka wannan ba hukuncin mai riƙe da waya ita kaɗai ba ne. A kawo maganar gaban taro, a amince, kuma ina ba da shawarar a riƙa amfani da lambar kowace mamba a shafin da za a ɗauka hoto, cikakkun sunaye su zauna a wani littafi daban. Katin shaida da katin banki kuwa kada a nuna wa kowace manhaja da ba a san mai ita ba.

Shawarata ga shugabanni ita ce kada a yanke hukunci yau a kan maganata ko a kan maganar mai talla. A ɗauko tsofaffin shafuka uku waɗanda an riga an rufe lissafinsu kuma kowa ya yarda da su, ɗaya mai tsabta, ɗaya mai soke-soke, ɗaya mai gurbin da aka bari fari, a ɗauke su hoto da wayar da za a riƙa amfani da ita, a wurin da kuka saba zama. A ƙirga lambobi nawa manhajar ta kuskure a kowane shafi, a rubuta waɗanne ne, a duba ko ta goce layi. Idan kurakuran kaɗan ne kuma iri ɗaya ne, kamar 1 da 7, sakatariya za ta iya gyara yadda take rubuta su, a ci gaba da amfani da ita tare da dubawar nan uku. Idan kuwa gyaran shafi ya fi kwafe shi da hannu cin lokaci, a bar ta ga takardun da aka buga da inji, littafin kuɗi ya ci gaba yadda yake. Na gode da sauraro, kuma wadda ta zo da littafi ko rasit tana iya matsowa mu gwada tare kafin a tashi.